Yadda Za Ka Tsara Jawabin Asambuli Kan Abokan Da Ke Tura Ɗalibai Shan Sigari

Idan shugaban makaranta ya ce kai ne za ka yi wa ɗalibai jawabi kan shan sigari ranar Litinin, abin da zai fara zo maka a rai shi ne ka jero cututtuka: ciwon daji, ciwon zuciya, tarin da ba ya jin magani. Malamai da yawa haka suke yi, kuma jawabin yakan wuce kamar ba a yi ba. Dalili kuwa yaran sun riga sun sani. Shekara da shekaru kwalin sigari kansa yana ɗauke da gargaɗin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya cewa masu shan taba na iya mutuwa da ƙuruciya, kuma duk yaron da aka taɓa aika wurin mai tireda ya ga wannan gargaɗi. Ba rashin sani ne ke sa ɗan shekara 13 ya fara zuƙa ba. Abin da ke kayar da shi minti ɗaya ne tak, lokacin da abokinsa ya miƙo masa kara a bayan katanga, wasu uku suna kallonsa, shi kuma bai tanadi abin da zai ce ba. Aikin jawabinka shi ne ka shirya shi don wannan mintin. Duk abin da ke ƙasa a kan haka aka gina shi, kuma zai yi wa malami amfani kamar yadda zai yi wa hedboi ko firifet da aka ɗora wa wannan nauyi.

Mataki na farko: san wanda kake yi wa magana, da inda abin ke faruwa

A filin asambuli mutum iri uku ne a gabanka. Akwai waɗanda ba a taɓa miƙa musu ba, su ne mafi yawa a ƙananan azuzuwa. Akwai waɗanda aka miƙa musu ko suka ɗana sau ɗaya ko biyu, suna tsaka-tsaki. Sannan akwai 'yan tsiraru da suka riga suka saba, wasunsu ma su ne masu miƙawa. Jawabi ɗaya ba zai iya ɗaukar dukkansu da ƙarfi ɗaya ba. Ka ɗora nauyin maganarka a kan rukuni na farko da na biyu, ka bar wa na uku ƙofa a buɗe a ƙarshe. Masana lafiya sun daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan manyan da ke shan sigari kullum sun fara ne kafin su kai shekara 18, saboda haka 'yan ƙaramar sakandare da ke tsaye a layin gaba su ne ainihin mutanenka.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka kashe kwana biyu kana tambaya. Maigadi ya san inda ake tsallake katanga. Mai shara ya san inda yake tsintar guntayen sigari da tsinken ashana: bayan banɗaki ne, ko tsohon ajin da rufinsa ya yaye, ko kangon da ke kan hanyar komawa gida. Mai sayar da awara a bakin ƙofa ta san yaran da ke sayen minti mai sanyi ko cingam bayan tara don su kashe wari. Ba sunaye kake nema ba, kuma kada ka karɓa in an ba ka. Abin da kake nema guda uku ne: wuri, lokaci, da kalmomin da ake faɗa wa yaro idan ya ƙi. Na ukun ya fi muhimmanci. Ka zauna da firifet biyu da ka yarda da su, ka tambaye su kai tsaye me ake cewa. Yawanci za ka ji irin su "ɗan Mama ne", "matsoraci", "kai har yanzu ba ka waye ba", "zuƙa ɗaya ce fa", "ko tona mana asiri za ka yi?" Rubuta su yadda aka faɗe su, kada ka gyara musu nahawu. Ranar da yara suka ji waɗannan kalmomi daga lasifika, nan take za su gane cewa mai maganar ya san abin da ake ciki, kuma hayaniyar layin baya za ta lafa.

Ka kuma tambayi kuɗin kara ɗaya a unguwar a wannan makon, domin za ka buƙace shi wajen lissafi, kuma farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Mataki na biyu: zaɓi gaskiya uku, ka bar sauran

Asambuli a tsaye ake yin sa, rana na hawa, wasu ba su karya kumallo ba. Minti biyar zuwa shida kake da su, wato kalmomi kamar 600 zuwa 700 idan kana magana a natse. Bayanin kimiyya bai kamata ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan ba.

Gaskiyar farko da zan zaɓa ita ce ta nikotin, domin ita ce ke rushe ƙaryar "zuƙa ɗaya ce fa". Nikotin shi ne sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kasa bari. Idan aka zuƙi hayaƙi, yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kamar 10 zuwa 20. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa ta matashi ta fi saurin kamuwa da sabo. Alamun sabon na iya bayyana a yaro tun yana sha jefi-jefi, kafin ma ya kai ga sha kullum: ya ji yana marmari, ya ji ransa na ɓaci ba dalili, ya kasa natsuwa a aji. Akwai wani abu a nan da malamai ke tsallakewa, alhali ya fi komai amfani. Karan farko ba shi da daɗi. Tari yake sawa, da jiri, da tashin zuciya. Abokai sun san haka, shi ya sa suke cewa "na farko ne, za ka saba". Ka faɗa wa yaran tun kafin su ji daga bakin abokai cewa wannan tarin jiki ne ke ƙin abin da aka zuba masa, kuma "za ka saba" ma'anarsa nikotin zai kama ka.

Gaskiya ta biyu ita ce abin da hayaƙin ke yi yanzu, ba bayan shekara talatin ba. Ɗan shekara 14 ba ya jin tsoron abin da zai same shi yana da hamsin. Amma yana jin tsoron a cire shi daga wasan ƙwallo saboda numfashinsa ya ƙare kafin a tafi hutun rabin lokaci. A cikin hayaƙin sigari akwai kabon monoksaid, iskar nan da ke fita daga janareto, wadda kowa a ƙasar nan ya ji labarin ta kashe mutanen da suka kwana da inji a cikin ɗaki. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar isashshiyar iska mai kyau, sai mai gudu ya gaji da wuri. Ka haɗa da warin baki, da haƙora masu rinewa, da leɓe mai duhu. Lamba ɗaya ta isa a nan: hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. In kana son ƙarin ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba.

Gaskiya ta uku kuɗi ne, kuma lissafi ne da yaran za su iya yi da kansu. Mu ƙaddara kara ɗaya naira 50 ne. Wanda ya saba da kara biyar a rana yana ƙona naira 250 kullum, naira 7,500 a wata, naira 91,250 a shekara. Ka sa farashin da ka samo a maimakon nawa. Daga nan sai tambayar da ba sai ka amsa ba: ɗalibin da kuɗin tararsa bai kai haka ba, ina zai samo cikon?

Doka kuma jimla biyu ta ishe ta. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana shan ta a makarantu. Yara sun san ana karya dokar a kan kowane tebur, don haka kada ka yi barazanar ɗauri. Amfaninta a jawabi shi ne ta ba yaro hujjar da zai kare kansa da ita idan babba ya aike shi.

Mataki na uku: abubuwan da ke kashe jawabi

Na farko shi ne cewa "shan sigari ya zama ruwan dare a makarantar nan". Niyyar mai faɗa ita ce ya nuna girman matsala, amma abin da yaro ke ji shi ne kowa na sha, ni kaɗai na rage. Wannan kuwa ita ce ainihin hujjar da masu miƙa kara ke amfani da ita, sai ga shi malam ya buga mata hatimi da lasifika. Gaskiyar magana akasin haka ce: mafi yawan ɗaliban da ke tsaye a gabanka ba sa sha. Ka faɗi haka ɓaro-ɓaro, ka maimaita. Yaron da ya gane cewa shi ne a cikin masu yawa ba ya jin kaɗaici in ya ce a'a.

Na biyu shi ne ƙarin gishiri. Idan ka ce duk wanda ya sha ba zai kai arba'in ba, akwai yaro a layi da kakansa ke busa taba yana da shekara saba'in, kuma daga wannan lokaci ya daina yarda da duk abin da za ka faɗa. Gara kai ka riga shi kawo maganar kakan. Ka ce masa tsohon da ya gani yana raye shi ne ya rage, tsararrakinsa da taba ta kwantar ba sa zaune a majalisa balle a gan su.

Na uku shi ne tozartawa. Kada ka kira suna, kada ka nuna aji, kada ka fito da yaron da aka kama gaban jama'a ya zama abin misali. Yaron da aka kunyata a asambuli ya rasa kowa sai abokan bayan katanga, kuma wajensu zai koma. Haka nan kada ka kira masu shan sigari 'yan iska ko mutanen banza. A cikin wannan layi akwai 'ya'yan masu sha, kuma babu ɗan da zai tsaya a zagi mahaifinsa ya ci gaba da saurare. Ka yi maganar manyan da suka kamu da tausayi, domin da yawansu suna son bari sun kasa, kuma wannan ma hujja ce a hannunka. Kada kuma ka ce wanda ya taɓa sha ya ɗaga hannu. Ba wanda zai ɗaga sai mai neman suna, sai filin ya ɓarke da dariya.

Maganar addini tana da wuri a jawabin, amma a taƙaice, kuma ka tsaya kan batun abota. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya misalta abokin kirki da mai ɗauke da turaren almiski, mugun aboki kuma da mai zuga wutar maƙera, ya dace da wannan batu kamar don shi aka faɗa: ko dai ya ƙona maka tufafi, ko ka kwashi wari. Idan makarantar da Kiristoci, a 1 Korintiyawa 15:33 akwai gargaɗin cewa zama da mugaye na ɓata halin kirki. Hukuncin shan taba a shari'a kuwa ka bar wa malamin addini ya yi shi a aji, inda akwai lokacin tambaya da amsa.

Mataki na huɗu: ba yaro kalmomin da zai faɗa

Nan ne zuciyar jawabin, kuma nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci wajen shiri. "Ku guji abokan banza" nasiha ce da ba ta da hannu da ƙafa. Wanda ke miƙo karan ba baƙo ba ne. Abokin zama ne a benci, maƙwabci ne, wani lokaci ɗan wan uba ne da ake kwana ɗaki ɗaya da shi. Yaro ba zai iya gudunsa ba, amma zai iya koyon amsa shi.

Amsa mai aiki gajeriya ce, ba ta da zagi, kuma ba ta buɗe ƙofar gardama. "Ba na sha" ta fi "ba yanzu ba" nesa ba kusa ba, domin "ba yanzu ba" alkawari ne na gobe. Ta kuma fi dogon bayani, domin duk dalilin da yaro ya kawo, za a kawo masa maganinsa. In ya ce Baba zai ji wari, a ce ga minti. In ya ce ba shi da kuɗi, a ce kyauta ne. "Ba na sha" ba ta da irin wannan makama. In aka matsa, sai ya maimaita ta da murya ɗaya, ba tare da ya ƙara komai ba. In aka kai ta uku, ƙafa ce ke amsawa: ya ce sai an jima, ya tafi.

Sai maganar gori. Yaron da aka ce wa "ɗan Mama" yakan ji dole ya wanke kansa, kuma a nan ake kama shi. Ka koya masa ya karɓi sunan ya wuce: "Na ji, ɗan Mama ne, ba na sha." Gori ba ya ciwo idan wanda aka yi wa bai yi jayayya ba. Wanda aka ce masa "tona mana asiri za ka yi" kuma ya amsa da cewa ba ruwansa da na kowa, shi dai ba ya sha.

Akwai yanayi biyu da suka fi wuya, kuma ya kamata jawabin ya taɓa aƙalla ɗaya. A makarantar kwana, siniya ne ke aiken juniya ya sayo, daga aike sai "kunna min", daga kunnawa sai zuƙar farko. A unguwa kuma yayan aboki ne ko wani babba a majalisa. Tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya ce wa babba a'a gatsau ba, saboda haka ka ba shi amsar da ke da ladabi: "Yaya, ka yi haƙuri, an hana mu sayo sigari, in aka gan ni da ita kora ta za a yi." Ya jingina laifin ga makaranta, kuma ka faɗa musu a fili cewa kun yarda su jingina muku. Ga 'yan mata kuwa, da wuya a miƙo kara. Shisha ce ke zuwa, a wajen biki ko fati, da ƙamshin tuffa ko na'a-na'a, ana cewa ruwan tulun yana tace dafin. Ba ya tacewa. Taba ce a ciki, nikotin na nan, gawayin da ake ɗorawa a kai yana ƙara kabon monoksaid, kuma zama ɗaya na awa guda hayaƙinsa ya ninka na kara ɗaya sau da yawa. Idan makarantar ta mata ce ko ta haɗaka, ka mayar da sakin layi ɗaya kan wannan.

Dabara ta ƙarshe ita ce mutum biyu. Ƙin abu kai kaɗai a gaban mutum huɗu yana da nauyi, amma da zarar wani ya ce "ni ma ba na sha", taron ya rabu. Ka nemi kowane ɗalibi ya sami aboki ɗaya da za su yi wannan alkawari.

Jawabin da aka gama

Ga misali na makarantar jeka-ka-dawo ta maza, daga bakin malami. Ka canza wurin da kalmomin gorin zuwa waɗanda ka tattaro.

"Assalamu alaikum. Shugaban makaranta, 'yan'uwana malamai, 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da safiya.

"Wata rana, wataƙila a wannan zangon, wani zai miƙo maka sigari. Ba baƙo ba ne. Abokinka ne, wanda kuke cin awara tare. Za ku kasance a bayan katanga ko a kangon nan na hanyar gida, wasu suna kallo. Zai ce, 'Zuƙa ɗaya ce fa.' In ka yi shiru, wani ya ce, 'Ƙyale shi, ɗan Mama ne.' Na zo yau ne don kada wannan rana ta same ka ba ka shirya ba.

"Ku dubi layin da kuke ciki. Ku dubi na dama, ku dubi na hagu. Mafi yawan waɗanda kuke gani ba sa shan sigari. Duk wanda ya ce maka kowa na sha, ƙarya ya yi maka. Yana neman abokin laifi ne.

"Zuƙar farko tari za ta sa ka, kanka ya juya, zuciyarka ta tashi. Za a ce maka, 'Za ka saba.' Gaskiya ne, za ka saba, kuma nan ne masifar take. A cikin taba akwai nikotin. Yana isa ƙwaƙwalwarka kafin ka ƙirga ashirin, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi ta babba saurin kamuwa. Ku tambayi duk wani babba da kuka sani mai sha, cikin ladabi, yaushe ya fara. Yawancinsu za su ce tun suna kamarku. Ku tambaye shi ko yana son ɗansa ya sha, ku ji amsarsa.

"Masu ƙwallo, ku saurara. Iskar da ke fita daga janareto, wadda ake hana mu kwana da ita a ɗaki, tana cikin hayaƙin sigari. Ita ce ke cinye numfashin mai gudu. Masu lissafi kuma, kara biyar a rana a kan naira 50, nawa ke nan a shekara? Naira 91,250, an cinna mata wuta.

"To, me za ka ce in an miƙo? Kalma uku: ba na sha. Ku faɗa in ji. Ban ji na baya ba. Madalla. In ya ce zuƙa ɗaya ce? Ba na sha. In ya ce ɗan Mama? Ka ce na ji, ba na sha. In ya sake, ka ce sai an jima, ka kama hanyarka. In babba ne ya aike ka sayowa, ka ce, 'Yaya, ka yi haƙuri, makaranta ta hana mu.' Ku ɗora mana laifin, mun ɗauka. Doka ma ta hana a sayar wa wanda bai kai 18 ba.

"Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya misalta abokin kirki da mai turare, mugun aboki kuma da mai zuga wutar maƙera, wanda in bai ƙona maka riga ba, zai bar ka da wari. Kafin a tashi yau, kowa ya nemi aboki ɗaya, ku yi alkawari cewa in aka miƙa wa ɗayanku, ɗayan zai ce, 'Mu ba ma sha, zo mu tafi.'

"Kai kuma da ka riga ka fara, na san kana jina. Ban kira sunanka ba, kuma ba zan kira ba. Ina ofishin malamai kullum bayan tara. Ka zo ka ce kana son ganina kan aikin gida, zan gane. Wanda ya kawo kansa ba bulala, ba kora. Na gode. Allah Ya yi muku albarka."

Wannan alkawari na ƙarshe kada ka kuskura ka faɗe shi sai ka samu amincewar shugaban makaranta da malamin ladabtarwa tun kafin ranar. In yaro na farko ya zo aka zane shi, babu na biyu da zai zo, kuma maganarka ta zube a idon ɗalibai har ka bar makarantar.

Mataki na biyar: isar da shi

Ka karanta jawabin da ƙarfi a gida kana duba agogo. In ya wuce minti shida, ka yanke daga ɓangaren kimiyya, kada ka taɓa ɓangaren amsoshi. Kada ka riƙe doguwar takarda. Ƙaramin kati mai kanun magana bakwai ya isa, domin wanda idonsa ke kan takarda ba ya ganin lokacin da layin baya ya fara hira.

Harshe ma abin dubawa ne. Ko da dokar makaranta ta ce Turanci ake yi a asambuli, ka nemi izini a faɗi gorin da amsoshin da Hausa, tunda da Hausa za a yi wa yaron tayin. Amsar da ya haddace da wani harshe ba za ta zo bakinsa a bayan katanga ba.

Idan ka faɗi "ɗan Mama", za a yi dariya. Kada ka tsawata, kada kuma ka bi su. Ka tsaya shiru har ta lafa, sannan ka ci gaba da murya ƙasa-ƙasa. Wajen amsa tare, karon farko 'yan aji ɗaya ne kaɗai za su ɗaga murya, manya na baya za su yi gum don kada a ga sun yi abin yara. Ka shirya da hedboi da kyaftin ɗin ƙwallo tun jiya su fara amsawa daga baya, sauran za su bi. In kana da ƙarin minti biyu, ɗalibai biyu su yi ɗan wasan kwaikwayo, ɗaya na miƙa alli ko biro, ɗaya na ƙi. Kada a kawo sigarin gaske, kuma kada ka ba fitaccen mai barkwanci na makaranta rawar mai miƙawa, domin zai sa abin ya yi armashi, a tashi shi ake tafa wa.

Bayan an watse

Jawabi ɗaya ba ya canza hali shi kaɗai. Ka roƙi malaman aji su ba da minti goma a wannan makon, ɗalibai su gwada amsoshin bibbiyu, ɗaya na matsawa ɗaya na ƙi, sannan su yi musanya. A kafa sa ido a wuraren da mai shara ya nuna, musamman lokacin tara da lokacin tashi. Idan akwai mai tebur da ke sayar wa yara a kusa da ƙofa, wannan aikin shugaban makaranta ne da ƙungiyar iyaye da malamai da mai unguwa, ba na ɗalibai ba. Ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya, dama ce ta sake tayar da maganar, wannan karon daga bakin ɗalibi.

Tafi ba ya nuna ko jawabin ya shiga. Ka saurari tsakar makaranta a kwanakin da suka biyo baya. In ka ji yara na tsokanar juna da "ba na sha" ko da cikin wasa ne, kalmar ta zauna a bakinsu, kuma abin da ake nema ke nan. In ba ka ji komai ba, mai yiwuwa bayanin cututtuka ya yi yawa, amsar ta nutse a ciki.

Idan kuma wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana maganar aikin gida, ka zaunar da shi inda ba a jin ku. Tambaye shi kara nawa yake sha, da wane lokaci, da su wa, ba tare da neman sunaye ba. Ka gaya masa abin da zai ji in ya bari: ƙaiƙayin son sha, saurin fushi, ciwon kai, rashin natsuwa. Sun fi tsanani a kwanakin farko, sannan su yi ta raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma kowane marmari yakan wuce cikin 'yan mintoci in ya sha ruwa, ya tashi daga wurin, ya kama wani aiki. Ku zaɓi ranar bari tare, ku canza hanyar da yake bi zuwa gida, ku sa ranar da zai dawo ya ba ka labari. In ya koma ya sha, ku sake sa wata rana. In ka ga alamar akwai wiwi ko ƙwaya ko maganin tari a ciki, ko yana tari mai daɗewa da ciwon ƙirji, abin ya wuce ofishin malamai. Ka shaida masa cewa dole a sanar da iyayensa a kai shi asibiti, kuma ka ce za ka zauna tare da shi lokacin da za a faɗa musu.